Malam Irmiya da Amsar 9.75

Duk wanda ya yi fiziks a hannun Malam Irmiya, ko daga barci ka tashe shi ka ce ya rubuta amsa, lamba uku zai rubuta ya ɗaga biro. Ni shaida ce, don shekara uku na zauna a bencin gaba a ajinsa, kuma har yau in na ga ɗalibi ya kwafo duk abin da kalkuleta ta nuna masa, lamba takwas reras, sai in ji raina ya ɓaci kamar an taka ni. Sunana Zainaba, 'yar Ƙofar Marke, ni ma fiziks nake koyarwa yanzu. Labarin malamina zan ba ku, kuma ba don yana yi mini daɗi ba.

Mutumin kudancin Kaduna ne. Ya zo Sakkwato yana saurayi, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar kama aikin koyarwa, yana cewa shekara biyu zai yi ya koma gida. Yau shekara talatin da uku ke nan. A nan ya auro Mama Laraba, a nan suka haifi 'ya'ya huɗu, a Runjin Sambo, cikin wani gida mai dalbejiya a ƙofa. Ranar Lahadi ya goyo Mama a tsohon babur ɗinsa su tafi coci, ranar Juma'a kuma ya sallame mu da wuri ba tare da kowa ya tuna masa ba. Hausarsa ba ta taɓa zama ta Sakkwato ba. In ya yi ƙoƙarin cewa "mi kukai" sai ajin ya fashe da dariya, shi kuma ya nuna mu da rula ya ce mu bari ya rama a kan takarda.

Kuma yana ramawa, wallahi. Dokarsa guda ce, ita ta jawo masa laƙabin Malam Uku-uku. Yakan ce awo ba ya ƙarya, mai awo ne ke yi masa ƙari. In rular da ka auna da ita lamba uku ta iya ba ka, to da wane baki za ka kawo amsa mai lamba takwas? Shi ya koya mana cewa sifilin da ke gaba, irin na 0.800, ba a ƙirga shi, mai riƙe wuri ne kawai, amma sifili biyun da ke bayan takwas ɗin ana ƙirga su, domin suna nuna an auna har can. Shi ya koya mana cewa 9.8 da 9.80 ba magana ɗaya suke yi ba. Duk wannan gaskiya ne, babu wanda zai ja da shi.

Sai dai Malam bai tsaya a amsar ƙarshe ba. Kowane layi na lissafi sai ya dunƙule shi zuwa lamba uku kafin ya sauka layi na gaba. Ya yi karatu a zamanin da babu kalkuleta, sai ɗan littafin jadawalin lissafi, sannan ya zo ya tarar da aji mai ɗalibai tamanin, kalkuleta huɗu ake karɓa-karɓa. Lamba uku tana da sauƙin ninkawa da hannu. Abin da ya fara a matsayin tausayi ya zama al'ada, al'adar ta zama doka. Sai da na shiga jami'a wata malama ta zagaye mini layi da jan biro ta ce, "Wa ya koya miki wannan? Ba a dunƙulewa a tsakiyar hanya. Ki riƙe lambobinki cikakku, sai a ƙarshe ki dunƙule, sau ɗaya." Na ji kunya kamar ubana aka zaga.

Na gaya masa? Ban gaya masa ba. Sau nawa na shirya bakina, in na isa gidan Mama Laraba ta ajiye mini kunun gyaɗa, shi kuma yana ta nuna ni ga maƙwabta yana cewa ga ɗiyarsa da ta gaje shi, sai in haɗiye maganar tare da kunun. Shekara goma sha biyar ina haɗiyewa. Wannan laifina ne, ba na raba shi da kowa.

Akwai wata gidauniya da wasu 'yan kasuwar garin nan suka kafa. Kowace shekara takan yi jarrabawar fiziks ga yaran da suka gama sakandare, ta ɗauki ashirin na sama ta ɗauki nauyin karatunsu na likitanci da injiniyanci har su gama. Ashirin cif, babu na ashirin da ɗaya, kuma wanda ya wuce shekara ashirin ba ya zama. Tun da aka fara, Malam Irmiya ne babban mai duba fiziks: shi ke tsara tambayoyi, shi ke rubuta jagorar maki, takardar nan da ke gaya wa masu dubawa inda za su ba da maki da inda za su hana. Malam mai son tsafta ne, lambobinsa kullum masu rabuwa daidai ne, irin su 40.0 a raba da ashirin ya ba ka 2.00. A irin waɗannan tambayoyi ko ka dunƙule a tsakiya ko ba ka dunƙule ba, wuri ɗaya za ka sauka. Shi ya sa abin ya kwanta shekara da shekaru babu wanda ya tayar da shi.

Bana autarsa Precious za ta zauna. Yarinya ce mai shiru, idonta a littafi, likita take son zama tun tana ɗaure wa kajin uwarta ƙafa da tsumma. Bara ta zo jarrabawar ke nan zazzaɓin taifot ya kwantar da ita, ba ta zauna ba. A watan Agusta za ta wuce shekarun da aka ƙayyade. Malam kuwa saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, kuma kowa ya san albashin malami ba ya kai yaro makarantar likita. Wannan zaman shi ne na farkonta, shi ne na ƙarshe.

Da kansa ya rubuta wa gidauniyar cewa bana ba zai taɓa takarda ba, tunda ɗiyarsa na ciki. Suka ce wa zai ba su? Ya ce Zainaba.

Na yi murna, kar in yi muku ƙarya, har da ɗan ɗaga kai. Na ce bana yara za su ga tambaya mai ƙamshin ɗakin gwaji, ba irin ta allo ba. Na shiga ɗakin gwajin makarantarmu na rataya ƙwallon lilo da zare mai tsawon mita 0.800, na sake shi, na auna kai-komo ashirin da agogo, ya ba ni daƙiƙa 35.9. Na mai da shi tambaya ta bakwai: a nemo ƙarfin jan ƙasa, wanda muke kira g. A saman takardar kuma na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a dunƙule lamba sai a amsar ƙarshe. Allah ne shaidata, a lokacin ko kaɗan Malam bai faɗo mini a rai ba.

Aka yi jarrabawa ranar wata Asabar a tsakiyar bazara. Ranar Litinin muka taru mu shida a wani zaure a Tudun Wada da gidauniyar ke arowa. Babu wuta, fankoki sun tsaya cak, tun ƙarfe tara gumi ke ɗiga a kan takarda. Takardun babu suna, lamba ce kawai a jikin kowace, sunayen na kulle a wurin sakataren gidauniya. Al'adar aikin ita ce kafin a fara dubawa, babban mai dubawa ya bi jagorar maki tare da kowa, layi-layi, a yarda da ita, a sa hannu. In an sa hannu an rufe, ba a ƙara taɓa ta.

Muka iso ta bakwai. Na tashi na yi ta a allo. A raba 35.9 da ashirin, kai-komo ɗaya ya zama 1.795. A ninka shi da kansa, 3.222 da 'yan kai. A ninka fai da kansa, a ninka da huɗu, a ninka da tsawon zare, a raba da wancan. Amsa 9.80. Tunda wani yaro zai ɗauki fai a matsayin 3.14, wani 22 bisa 7, wani ya danna na kalkuleta, na buɗe ƙofa daga 9.79 zuwa 9.81. Maki huɗu na hanya, biyu na amsa. Wanda ya rubuta 9.8, ko ya juye mana 9.80214 gaba ɗaya, ko ya manta ma'auni, a cire masa ɗaya. Wanda amsarsa ta faɗa wajen ƙofar, biyun duka sun tafi, sai dai ya tsira da makin hanyarsa.

Kowa ya gyaɗa kai. Sai muka ɗebo takardu goma don gwaji, kamar yadda aka saba, mu ga ko hannunmu ya zo ɗaya.

Malam Zayyanu, wani dogon malami mai yawan barkwanci da muka yi aji ɗaya da shi, shi ya fara yin shiru. Zayyanu da shiru ba su saba haɗuwa ba. Ya turo mini takarda da ɗan yatsa. Rubutu mai kyau, an ja layi da rula, an sa amsa cikin akwati. Layin farko: 1.80. Na biyu: 3.24. Na uku: 31.6. Cikin akwatin: 9.75.

Na san wannan akwatin, ni ma na zana irinsa sau dubu a ajin Malam Irmiya. Yaron bai yi kuskuren tunani ko ɗaya ba. Ya dai mai da 1.795 ya zama 1.80, lamba uku, sannan ya ninka ta da kanta, ɗan ƙarin nan ya ninku, ya ja amsar ta zame ƙasa ta fita daga ƙofa. Cikin goman nan biyu haka suke. Na ce a kwance ƙullin duka a duba ta bakwai kawai. Cikin ɗari biyu da goma sha huɗu, talatin da ɗaya suka fito da akwati da 9.75.

"Malama," in ji Zayyanu, murya ƙasa-ƙasa, "kin san ko ɗiyan wa na wa'annan."

"Ban san kowa ba. Lamba nika gani."

"Haba Zainaba! Mu biyu munka zauna ajin Malam. Buɗe ƙohwar ki kai ta 9.75, mi za ya ragu? Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ba a sa hannu ba tukuna, ikonki na."

Gaskiya ya faɗa, ikona ne. Layi ɗaya zan soke in rubuta wani. Har na ɗauki biro.

Malam Hayatu, dattijon cikinmu, mutumin da ba ya ɗaga murya, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce shi ba ya musu da kowa, tambaya gare shi. An rubuta a saman takarda kada a dunƙule sai a ƙarshe, ko ba a rubuta ba? Yaran da suka karanta suka bi, me za a ce musu in wanda bai bi ba ya sami maki daidai da nasu, alhali kujera ashirin ce? Sannan ya dube ni ya ce, "In da yaran wata makaranta ta da ba ki san malaminsu ba, da kin buɗe?"

Na so in yi masa tsawa, wallahi na so. Amma na san amsar, shi ma ya san na sani. Da ban buɗe ba. Da ma har dariya zan yi in ce malaminsu ya koma aji.

Na ajiye biron, na sake ɗauka, na sa hannu a jagorar yadda take. Zayyanu ne ya sa nasa a ƙarshe, bai ƙara yi mini magana ba ranar.

Kwana huɗu muka yi muna dubawa. Aikina ne in bi bayan kowa in sake duba ɗaya cikin goma na abin da ya yi, don kada hannun wani ya yi nauyi ko sauƙi. Duk wadda ta faɗo mini da akwatin nan sai in kawar da ido daga rubutun, don na san rubutun Precious, ni na koya mata haɗa baƙi tana 'yar shekara biyar. Na yi ta gaya wa kaina cewa maki biyu ne kawai cikin ɗari. Yarinyar nan mai ƙoƙari ce, za ta wuce da tazara. Ko kuma ta karanta gargaɗin da ke sama. Amma na san yadda muke da Malam: in maganarsa ta yi karo da ta takarda, tasa muke bi.

Ranar Laraba da la'asar ina cikin keke napep a kan hanyar gida, sai ga shi a bakin titi wajen mai faci, ya durƙusa kusa da babur ɗinsa. Ya gan ni kafin in sunkuya. Dole na sauka na gaishe shi.

"Ɗiyata! Aiki ya ɓoye ki. Kada ki ce mini komai, ni ma ba zan tambaya ba." Ya yi dariya, ya share wuya da hankici. "Amma takardar tambayoyi ai ta fito, kowa ya gani. Ta bakwai ɗin nan ta yi kyau ƙwarai. Mun yi ta da Precious a gida, amsarmu ɗaya da ita, har akwatin."

Na ce, "To, Malam." Ya ce in gaida gida, in zo in sha kunu in an gama. Na koma cikin keken, muka wuce.

Ranar Juma'a da safe aka haɗa maki, aka jera daga sama zuwa ƙasa, sakatare ya buɗe akwatin sunaye a gabanmu duka. Ya fara karantawa. Na ɗaya, na biyu, na biyar. Na goma. Ina jin sunayen 'ya'yan mutane suna wucewa, ina ƙirga yatsuna a ƙarƙashin tebur. Na sha tara, wani Nasiru, maki saba'in da ɗaya. Ta ashirin, wata Balkisu, ita ma saba'in da ɗaya. Sakatare ya ja layi da rula. Ƙarƙashin layin, suna na farko, Precious Irmiya, maki saba'in.

Zayyanu ya tashi ya fita waje. Ni kuwa na jawo takardun ukun na duba, don zuciya ba ta barin mutum. Nasiru 9.80, Balkisu 9.81, sun kwashe makinsu shida-shida, halalinsu. Precious huɗu. Na bi takardarta tun daga farko har ƙarshe sau uku, ko Allah zai sa an manta mata rabin maki a wani wuri. Babu. Masu dubawa sun yi aiki tsaf, abin da ban taɓa tsammanin zai ƙona mini rai ba.

Dokar gidauniya ta ba kowane ɗalibi mako guda ya zo ya ga takardarsa a gaban babban mai dubawa. Ranar Talata da hantsi suka zo su biyu. Malam ya sa rigarsa ta zuwa coci, Precious na bayansa, idanunta sun kumbura. Na miƙe na ba shi kujerata, ya ƙi, ya zauna a bencin baƙi.

"Ba ƙara na kawo ba, Zainaba. Ina so in gani ne kawai. Ni da ita mun lissafa, saba'in da biyu muka samu."

Na miƙa masa takardar da jagorar maki, hannu biyu. Ya bi ta ɗaya zuwa ta shida da sauri, yana gyaɗa kai. A ta bakwai ya tsaya. Ya dubi akwatin, ya dubi jan sifilin da ke gefensa, ya dubi jagorar. Ya ce in ba shi kalkuleta. Yatsunsa manya ne, a hankali yake dannawa. Ya yi da 1.80, ya ga 9.75. Ya goge. Ya yi da 1.795, bai dunƙule komai ba har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon abin da ya fito. Ya sake yi. Sannan ya juya takardar tambayoyi ya karanta gargaɗin da ke sama, leɓensa na motsi.

"Su nawa?" ya ce, bai ɗago ba.

"Talatin da ɗaya, Malam."

"Duk nawa ne."

Sai ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi mana in ya san mun san amsa muna ɓoyewa.

"Ke tun yaushe kika san ba a yin haka?"

Ga ƙofar ƙarya a buɗe, amma ban taɓa iya yi masa ba. Na ce tun shekarar farko a jami'a. Na ga yana lissafa shekarun a ransa, aji bayan aji. Na jira ya yi faɗa, na ma fi son ya yi. Bai yi ba. Ya jera takardun ya daidaita bakinsu a kan gwiwa, ya miƙo mini.

"Makinki daidai ne," ya ce. "Da ni ne a kujerar, kuma na san abin da kika sani, haka zan yi. Sai dai da kin gaya mini, ɗiyata. Ko a bakin titi ne."

Hawaye suka zubo mini a gaban sakatare da kowa, ban damu ba.

Precious ta share idanunta. Ta matso kusa da shi, ta leƙa takardar da ke hannuna, tana neman wurin da idonta.

"Baba, ban gane ba. A wane layi na yi kuskure?"

Malam Irmiya ya buɗe baki ya rufe. Mutumin da ya shekara talatin da uku yana amsa tambayar 'ya'yan mutane kafin su gama yin ta. Ya dafa benci ya miƙe da ƙyar, ya kama hannunta.

"Babu layin da kika yi kuskure, Precious. Ni kika bi."